Katin girafik zai rage maka lokacin sauya bidiyo, amma fayil zai yi nauyi

"Malam, ina sauya wa mutane bidiyo don kuɗi, kuma kwamfutata kan kwana tana aiki ɗaya. An ce in sayi katin girafik. Hoton ba zai lalace ba?"

Kafin ka fitar da kuɗi, ɗan'uwa, duba abin da ke hannunka. Yawancin furosesan Intel suna zuwa da Quick Sync, katin Nvidia yana da NVENC, na AMD kuma yana da VCN. Kowannensu wani ɗan sashe ne da aka ƙera don aikin bidiyo kawai, shi ya sa yake gama aiki da wuri, ya bar furosesa ta huta. Buɗe HandBrake, idan ka ga ɗayansu a jerin zaɓi, gwajin kyauta ne.

Saurin yana da dalili. Manhajar x264, wadda ke matse bidiyo da furosesa, takan tsaya ta gwada hanyoyi da yawa na matse kowane hoto, ta zaɓi mafi tsimi. Kati ba ya wannan dogon lissafi. Saboda haka idan girman fayil ɗaya ne, na kati yakan ɗan gaza, musamman in ka matse sosai. A wurin duhu za ka fara gani, inuwa ta zama hawa-hawa, sai kuma ciyawa, ruwa da zanen tufafi su dusashe idan kyamara ta motsa. Mutum zaune yana magana cikin haske kuwa, da wuya mai aiki ya bambance.

Maganin shi ne ka ƙara wa fayil wuri. A ce bidiyon awa ɗaya ne, kana fitar da shi a megabit 8 a daƙiƙa, wato gigabait 3.6. In gwajinka ya nuna sai ka kai megabit 10 kafin na kati ya kamo shi, ya zama gigabait 4.5. A aikin awa 40, ƙarin gigabait 36 ke nan na ajiya da ɗorawa a intanet. Auna wannan da ayyukan da za ka ƙara karɓa. A ganina, mai aiki da yawa kati ya fi masa riba, sai dai in ƙaramin fayil aka ce ana so.

Yanko minti biyu mafi duhu da motsi, in katin Nvidia ne ka gwada da manhajar ffmpeg:

```
ffmpeg -i gwaji.mp4 -c:v h264_nvenc -preset p6 -rc vbr -cq 23 -b:v 0 -c:a copy kati.mp4
```

Rage lambar `-cq` yana ƙara kyau da nauyi. Fitar da wani da x264, ka kalle su a babban allo, kana tsayar da hoto a wuri ɗaya.

In har za ka saya, shekarun katin sun fi tsadarsa muhimmanci. Nvidia ta gyara NVENC sosai a jerin RTX 20 na 2018, kuma a cikin katunanta RTX 40 ne suka fara matse bidiyo da tsarin AV1. Amma in gyaran launi da rage hatsi-hatsin hoto ne ke cinye maka lokaci, sashen matsewa ba zai taɓa su ba. Duba Video Encode a Task Manager yayin aiki. In layin yana ƙasa, jinkirin daga wani wuri yake.