Kashi 52 da kashi 48: za a ce wani yana gaba?

"Salam 'yan uwa. An turo mini sakamakon jin ra'ayin jama'a, mutum 1,000 aka tambaya. Ɗan takara ɗaya ya samu kashi 52, ɗayan 48, a ƙasa kuma an rubuta ±3. In rubuta cewa na farkon yana gaba?"

Wa'alaikumus salam. Malam, dakata da wannan kanun labarin tukuna. Na daɗe ina aikin tattara irin waɗannan alƙaluma, kuma a nan ne na fi ganin 'yan jarida suna zamewa.

Ka san yadda mai sayen hatsi a Dawanau yake soka buhu ya ɗebo ɗan kaɗan a tafin hannu ya duba? In ya sake sokawa a wani gefen, abin da zai fito ba zai zama daidai da na farko ba. Haka mutum dubun nan suke. Da wasu dubun aka tambaya, sai ka ga 50 ko 54. Wannan 3 ɗin shi ne awon tangal-tangal ɗin, ga inda ya fito:

```
1.96 × √(0.52 × 0.48 ÷ 1000) ≈ 0.031
```

Wato maki 3 sama, 3 ƙasa. Goyon bayan mutumin naka yana iya kasancewa tsakanin kashi 49 da 55, abokin karawarsa kuma 45 zuwa 51. Shi 1.96 na tabbacin kashi 95 ne: da za a maimaita binciken sau ashirin, kusan sau goma sha tara tazarar da aka fitar za ta kama ainihin adadin, sau ɗaya ta kuskure.

To ga tarkon. Ratar da ke tsakaninsu maki 4 ce, sai mutum ya ce ai 4 ta fi 3, shi ke nan. A'a. Duk makin da ya zame wa ɗaya, wurin ɗayan yake faɗawa, saboda haka tangal-tangal ɗin rata kusan ninki biyu ne, maki 6. Huɗu ba ta kai shida ba. Ni zan rubuta: "ya ɗan ɗara, amma ratar ba ta isa a ce yana gaba ba."

Ka kuma yi hattara in aka yanko wani rukuni. Na taɓa ganin edita ya buga babban kanu a kan matan karkara, ashe su ɗari ne kacal a cikin dubun. A mutum ɗari, tazarar ta kai kusan maki 10.

Sannan lissafin nan duka ya ɗauka cewa an zaɓo mutanen ne kamar ƙuri'ar canke, kowa da damar shiga. In ta waya aka kira, wanda ba shi da waya ko ƙauyensu babu sabis bai shiga buhun ba ma, kuma 3 ɗin ba ta san da shi ba. Kira waɗanda suka yi binciken ka tambaye su yadda suka samo mutanen, da ranakun da suka yi tambayar, kafin ka miƙa wa edita.