Matsi biyar na Porter a jarrabawa: ina maki ke zubewa?

Tambaya: Malam, a jarrabawar gwaji an ba mu labarin wani kamfanin siminti, aka ce mu tantance masana'antar da matsi biyar na Porter. Na kawo duka biyar ɗin da ma'anarsu, amma maki 6 na samu cikin 20. Ina na kuskure?

Amsa: Ɗalibina, ma'ana ka rubuta, mai duba takarda kuwa hukunci yake nema. Da Michael Porter ya fito da wannan tsari na matsi biyar, wato sababbin shiga kasuwa da madadi da masu saye da masu kawo kayan aiki da gogayya tsakanin kamfanoni, a 1979, abu ɗaya yake son ganowa: wa ke cinye ribar masana'anta? Saboda haka kowane matsi sai ka ce mai ƙarfi ne ko mai rauni, ka ɗauko hujja daga labarin da aka ba ka, sannan ka faɗi abin da yake yi wa riba.

Mu gwada da simintin Najeriya, inda Dangote da BUA da Lafarge suka riƙe kusan duk kasuwar. Barazanar sababbin shiga tana da rauni. Mai son shiga sai ya mallaki wurin haƙar dutsen da ake yin siminti da shi, irin na Obajana a Kogi ko Kalambaina a Sakkwato, ya gina masana'anta da jari mai nauyi, ya samar wa kansa lantarki, ya tanadi tireloli. Tun 2002 kuma manufar gwamnati ta fifita masu sarrafawa a gida kan masu shigowa da shi. Sakamako: waɗanda ke ciki suna iya riƙe farashi. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mai maki, ita ce kuma ɗalibai suka fi mantawa.

Inda na fi ganin ana tuntuɓe shi ne madadi. BUA ba madadin Dangote ba ne, abokin gogayya ne, don kaya iri ɗaya suke sayarwa. Madadi shi ne abin da ke biyan buƙatar ta wata hanya, kamar tubalin laka ko jan bulo, kuma babu mai zuba dakin bene da laka. Rauni ke nan. Masu saye ma haka, dillalai ne da magina barkatai, ba mai iya karya farashi shi kaɗai.

Masu kawo kayan aiki kuwa ka dakata a kansu. Dutsen na kamfanin ne, amma gas da gawayin kwal da kayan gyaran injin da ake saye da dala suna cin riba sosai.

Kada ka raba lokacinka daidai gida biyar. Ka ba matsi biyu da labarin ya fi kawo hujja a kansu fili mai yawa, ka taƙaita sauran, ka rufe da sakin layi ɗaya mai cewa masana'antar tana da riba ko a'a, da matsin da kamfanin zai fi sa wa ido. In labarin ya ba da alƙaluma, misali kashi nawa na ciniki ke hannun dillali ɗaya, ka saka su cikin hujjarka.