Yadda ake rubuta imel ɗin tabbatar da oda kafin a sa almakashi

"'Yan uwa, wata makaranta ta ba ni ɗinkin yunifom saiti 100. A waya muka yi ciniki da mai makarantar. Bara na yi wa wata irin wannan aikin, da na kai kaya suka ce ba haka muka yi ba, har yau cikon kuɗina bai fito ba. An ce in tura imel na tabbatarwa. Me zan rubuta a ciki?"

Kai, 'yar uwa, Allah Ya fito miki da haƙƙinki. Duk mai ɗinkin makarantu ya san wannan ciwon. An ɗinke kaya, an goge, an ɗaure a leda, an biya mai Keke Napep, sai a zaunar da ke a benci bakin ofis ana cewa Hajiya tana mitin. In ta fito ta ɗaga riga ɗaya da yatsu biyu ta ce shuɗin ya yi duhu, kuma ita dubu bakwai ta ji, ba bakwai da ɗari biyar ba. Ga telolinki suna jiran kuɗin aiki, ga mai yadi a Kwari yana ta kira. Abin takaicin ma, yaran za su sa kayan ranar Litinin, shuɗin da aka ce ya yi duhu bai hana ba. Sun san an riga an manna bajin makarantarsu, ba inda za ki kai kayan ki sayar, shi ya sa suke jan rai har ki yarda a zaftare. Kuma ba duka ne macuta ba, wasu mantuwa ce ta gaske, don ta yi ciniki da mutum biyar a makon.

To, abin da nake so ki riƙe shi ne, imel ɗin da kika tura shi kaɗai bai ɗaure kowa ba. Amsarsu ce hujjarki. Kada ki sayi yadi, kada a yanka ko ƙyalle, sai sun danna Reply a kan wannan imel ɗin sun rubuta sun amince, kuma kuɗin kafin alƙalami ya shiga asusunki. In ta kira ta ce "na gani, ki ci gaba kawai", ki ce "to Hajiya, a taimaka a amsa a rubuce ko da kalma biyu ce, saboda lissafin shago." Kunyar faɗin wannan ce ke cinye mana jari.

Ki tura shi a ranar da kuka yi cinikin, tun magana na da ɗumi. Ga yadda zai kasance, lambobin misali ne, ki sa naki:

"Assalamu alaikum Hajiya. Bisa maganar da muka yi yau a waya, ga abin da na fahimta. Riga da wando na maza, saiti 60, kowane N7,500, ya kama N450,000. Riga da wando da hijabi na mata, saiti 40, kowane N9,000, ya kama N360,000. Baji 100, kowane N300, ya kama N30,000. Jimla N840,000. Yadi da launi irin samfurin da kika sa wa hannu, ga hotonsa a haɗe. Za a biya kashi 60, wato N504,000, zuwa Litinin 10 ga Agusta 2026. Zan kawo kaya harabar makaranta ranar Asabar 5 ga Satumba 2026, kuɗin mota a kaina. Cikon N336,000 za a tura ta banki ranar da aka ƙirga kaya aka karɓa. Idan haka ne, a amsa wannan imel da 'na amince'. Idan akwai gyara, a faɗa kafin mu fara yanka."

Dubi yadda kowane kaya ya zo da adadinsa, da farashin ɗaya, da abin da ya kama. In jimla kawai kika rubuta, ranar da suka rage saiti goma sai rigima ta tashi kan nawa za a cire. Ki ƙara da rabon girma: ƙanana nawa, matsakaita nawa, manya nawa, ko aji-aji. Hijabi kuwa ki faɗi tsawonsa da inci, don "dogo" a bakinki iya gwiwa ne, a bakinta har ƙasa, kuma yadin da za su ci ba ɗaya ba ne.

Launi shi ne uwar rigima. Hoto a waya yana sauya shuɗi, gwargwadon haske da irin wayar. Ki yanko ƙyalle biyu daga yadi ɗaya, ta sa hannu da kwanan wata a jikin takardar da kika maƙala su, ɗaya wurinta ɗaya wurinki, sannan imel ya ambace shi.

Ranar kawowa kuma, ban da "kafin a koma hutu" ko "ƙarshen wata in sha Allahu". Ki faɗi in sha Allahu, amma ki biyo shi da rana da wata da shekara. Ki rubuta sunan watan, domin 5/9 wani zai karanta 9 ga Mayu. Ki kuma ɗaure ranar da kafin alƙalami: in kuɗi ya yi lattin mako guda, ranar kawowa ta matsa da mako guda. In ba haka ba, su za su makara, ke za a kira mai saɓa alkawari. Haka farashi, ki ce yana nan na kwana bakwai, tunda yadi ba ya jiran kowa a kasuwa.

Wajen biya, ki rubuta sunan banki, lambar asusu mai lamba goma, da sunan da zai fito a asusun, ki ce ba a biya ta wani asusu sai wannan. In cek za su ba ki, ki ce ba a ɗauke shi biya ba sai kuɗin ya zauna. Kada ki yarda da hoton rasit ko alat na tes, ki buɗe manhajar bankinki ki ga kuɗin da idonki, na bogi sun yi yawa. Ki kuma tambaye su tun yanzu ko za su cire haraji daga kuɗin, don wasu makarantu da ofisoshi suna cirewa kafin su biya. In za su cire, a rubuta nawa, a ba ki shaidarsa.

Af, kar ki manta da wanda ke fitar da kuɗin. Sau tari mai makaranta ce ke ciniki, akanta ke biya, shi kuwa zai ce ba a gaya masa ba. Ki sa adireshinsa a CC, wato gurbin da ake tura wa wani kwafin imel ɗin. In kwana biyu shiru, ki kira ki ce su duba Spam, wato akwatin da tarkacen saƙonni ke faɗawa.

Wasu za su ce ai WhatsApp ya isa. Yana taimakawa, amma can ana goge saƙo, ana gyara shi, waya ta ɓace da hirar gaba ɗaya. Imel in ya shiga akwatinki, mai turowa ba ya iya sauya shi. In abu ya kai kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da hujjar da ta fito daga na'ura in an cika sharuɗɗansa.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne canji a tsakiyar aiki. Za ta kira ta ce a ƙara saiti 15, a sa aljihu a rigunan maza. Kada ki buɗe sabon imel, ki amsa a kan tsohon: ƙarin kaza, kuɗinsa kaza, sabuwar jimla kaza, rana ta koma kaza, ta sake amincewa. Ranar kai kaya a ƙirga a gabanki, wanda ya karɓa ya rubuta sunansa da adadin ya sa hannu, ki ɗauki hoton takardar ki tura a kan imel ɗin nan kafin ki bar harabar.

Na bara ma kar ki bar musu. Ki rubuta musu adadin da kika kai, da abin da suka biya, da abin da ya rage, ki nemi ranar biya. Ko amsa suka yi suna cewa a ƙara haƙuri, kin samu shaidar cewa sun yarda ana bin su.