Na warke daga gudawa, amma cikina bai koma daidai ba

Tambaya: Likita, mako uku ke nan da na warke daga amai da gudawa. Zazzaɓin ya tafi, amma har yanzu bayan gidana ruwa-ruwa ne, kuma da na ci abinci sai cikina ya hau ƙugi da murɗa. Sau biyu ina sayen Filajil ina shanyewa. Ko dai cutar ba ta fita ba ne?

Amsa: Malam, kwantar da hankalinka. Galibi ƙwayar cutar ta riga ta tafi, ɓarnar da ta yi ce ba ta gama warkewa ba. Gudawa mai tsanani tana kankare shimfiɗar cikin ƙaramin hanji, a nan kuwa ake samun sinadarin da ke narkar da sukarin madara. Kafin wurin ya farfaɗo, idan ka sha madara sukarin zai gangara babban hanji bai narke ba, ya jawo ruwa, ƙananan ƙwayoyin halitta da ke zaune a hanji su ruɓar da shi. Shi ne kumburi da tusa da zawo. Jijiyoyin hanjin ma sun zama masu saurin tunzura, abinci kaɗan ya isa ya sa ka neman banɗaki. Wannan kan ɗauki makonni, wasu ma watanni. Ka ajiye madara mako biyu ka gani, sannan ka dawo da ita kaɗan-kaɗan.

Amma Filajil ɗin nan shi ya fi damuna. Kullum sai na ga irinka: ciki ya yi ƙara, a ruga kemis, mai kanti ya zubo ƙwayoyi ba gwaji ba tambaya. Idan bai daina ba a ce ai maganin ne bai da ƙarfi, a ƙaro wani. Haba jama'a! Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin Filajil ba ya tantance aboki da maƙiyi. Ƙwayoyin nan masu amfani da ke ƙoƙarin sake cika hanjinka, su kake ta karkashewa, ka mai da aikin baya. Shi kansa maganin yana sa gudawa, sai mutum ya ɗauka cutar ce ta dawo, ya ƙara sha. Wasu daga cikin irin waɗannan magunguna har sukan buɗe wa wata muguwar ƙwaya hanya ta mamaye babban hanji, ta kai mutum gadon asibiti. Wanda ya sayar maka kuwa ya karɓi kuɗinsa, ba shi zai yi jinyarka ba. Don Allah ka daina.

Ka je asibiti a yi gwajin bayan gida idan ka ga jini, ko zazzaɓi ya dawo, ko kana ramewa, ko gudawar tana tashinka daga barci. Haka nan idan bayan gidan yana da maiƙo da mugun wari yana yawo a kan ruwa, don wata ƙwayar cutar hanji mai suna jiyadiya kan yi haka. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, idan abin ya haura mako 4, ka zo a duba ka.