Tambayi likita: me zan faɗa game da lafiyata a imel ɗin neman koyarwa?

Likita, ni malamin Kimistiri ne. Tarin fuka ya raba ni da aiki wata takwas, yanzu na warke. Zan tura imel neman koyarwa a wata makarantar kuɗi. In faɗi ciwon ko in yi shiru? — Malami daga Kurna

Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mu fara da warkewar, don a nan mutane ke ruɗin kansu. Maganin tarin fuka na yau da kullum wata 6 ne: wata 2 na farko ana shan magani huɗu a haɗe, sauran wata 4 kuma biyu. Tarin yakan lafa tun makonnin farko, sai wasu su ajiye magani su ce sun samu sauƙi, alhali ƙwayar cutar tana nan. Mu abin da muke dubawa shi ne katinka ya cika, kuma gwajin kaki na ƙarshen magani bai nuna ƙwayar ba. In haka naka yake, ba ka da abin da za ka shafa wa ɗalibi. Koma inda ka karɓi maganin, Asibitin Zana na Kano ne ko wata cibiyar, a ba ka shaidar kammalawa. Ka ajiye ta sai an nemi takardar lafiya, kada ka liƙa ta a imel.

Shi imel ɗin, ba sunan ciwonka shugaban makaranta yake nema a ciki ba. So yake ya san darasin da ka ƙware a kai, azuzuwan da ka riƙe, da abin da ɗalibanka suka ci. A kan saƙon rubuta "Neman aikin koyar da Kimistiri, babbar sakandare", sannan sunanka. Ko da Turanci za ka rubuta, ga misalin abin da ya kamata ya fito, sai ka sa alƙalumanka na gaskiya:

"Na koyar da Kimistiri daga aji huɗu zuwa shida na tsawon shekara biyar, ina kuma da rajistar hukumar malamai ta TRCN. Shekarar da na karɓi aji shida, ɗalibai 22 cikin 38 ne suka sami kiredit a WAEC. A rukunin ƙarshe da na shirya, 31 ne cikin 40, bayan na mayar da aikin ɗakin gwaji duk mako. Na tsaya aiki wata takwas saboda jinya, na kammala magani, kuma zan iya farawa a sabon zango."

Ka ga jinyar jimla ɗaya ta ci, kuma babu ƙarya a ciki. Lura kuma da "31 cikin 40". Wanda ya rubuta kashi kaza cikin ɗari bai faɗi yawan 'yan ajin ba, mai karatu zai iya zaton ɗalibai biyar ne.

Ina da sikila, ina koyar da Lissafi. Tsorona in na ɓoye su ce na yaudare su, in na faɗa su ƙi kirana. — Malama daga Gwammaja

Malama, rashin faɗa a saƙon farko ba yaudara ba ce. Yaudara ita ce a ba ki takardar cikewa mai tambayar lafiya ki rubuta "babu". A ganina, bari sai kun zauna gaba da gaba ko an yi miki tayin aikin, sannan ki faɗa tare da abin da kike buƙata: ruwan sha a aji, kujera, da a ɗauke miki doguwar tsayuwa a filin taron safe lokacin hunturu. Ƙishirwa, sanyi, gajiya da zazzaɓin cizon sauro su ne manyan masu tayar da ciwon.

Fargabar mai makaranta fashin zuwa aiki ne, to ki amsa ta da shaida. In zangon bara kin gama manhaja kan lokaci, rubuta hakan kusa da sakamakon ɗalibanki na NECO ko WAEC. In kuwa ciwon na tashi sau uku ko fiye a shekara, ki tuntuɓi likitanki na asibitin sikila kan maganin haidroksiyuriya kafin ki fara aiki. Yana rage tashin ciwo, amma sai da gwajin jini a kai a kai, kuma dole likita ya sani in kina da ciki ko kina shirin ɗauka.

Wani ɗalibina mai farfaɗiya ya tashi daga na ƙarshe zuwa na biyar a Bayoloji. In sa labarinsa? — Malami daga Hotoro

Sa sakamakon, cire yaron. Kano ba ta da girman da kake zato. Ka ambaci tsohuwar makarantarka da aji da ciwon, ka gama bayyana shi ko ba suna, kuma ka san yadda har yanzu ake ƙyamar masu farfaɗiya, duk da ba a ɗaukarta ta yawu ko taɓawa. Rubuta cewa ka taimaki ɗaliban da rashin lafiya ke sa su fashi da darasin cike giɓi, har wani ya kai na biyar a aji. In kana haɗa hoton takardar sakamako, rufe sunayen ɗalibai da lambobin jarrabawarsu kafin ka tura.