Fiyus ko Bireka: Wanne Ya Dace da Gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu tsohon gini ne, wayarin ɗinsa na fiyus ne irin mai marfin tangaran. Fiyus ɗin layin soket yana yawan ƙonewa, sai wani mai gyaran wuta ya ɗaura masa waya mai kauri, kuma tun daga ranar bai sake ƙonewa ba. Amma yanzu ina jin ƙaurin roba a kicin, bangon kusa da soket kuma yana ɗumi. Wani ya ce in cire komai in sa bireka. Ina da yara ƙanana, hankalina bai kwanta ba. Wanne ya fi, fiyus ko bireka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu kai ga zaɓi, ina roƙonka ka kashe babban makunnin gidan yau ɗin nan, ka zare wannan fiyus ɗin, ka bar layin a kashe har sai ƙwararre ya buɗe soket ɗin kicin ya duba. Ƙaurin roba da ɗumin bango alama ce ta cewa rigar wayar da ke cikin bango ta fara narkewa, kuma siririyar wayar fiyus da ya kamata ta tsayar da hakan, mai gyaran ya riga ya cire ta da hannunsa.

Zan daɗe a kan wannan batu, domin shi ne abin da nake cin karo da shi kusan kullum. Mutane da yawa, har da wasu masu kiran kansu masu gyaran wuta, sun ɗauka cewa fiyus ɗin da ke ƙonewa shi ne mai laifi, saboda haka maganinsa a ƙara masa ƙarfi. Wannan fahimta a juye take. Siririyar wayar da ke cikin fiyus da gangan aka yi ta siririya, domin ta zama wuri mafi rauni a duk layin, ta narke a cikin tangaran inda babu abin da zai kama, kafin wayar da ke binne a bango ko ta bi ta cikin silin ta yi zafi. Adadin da aka rubuta a jikinsa, amfiya 5 ko 15 ko 30, wato yawan wutar da zai iya ɗauka, ana zaɓensa ne bisa kaurin wayar da ke bayansa. Yawan kayan da maigida yake son kunnawa ba shi da ta cewa a nan. Idan aka ɗaura masa silin jan ƙarfe uku ko huɗu da aka fere daga guntun kebul, raunin bai tafi ko'ina ba, ƙaura kawai ya yi zuwa inda ido ba ya gani.

Mu ɗauki lissafin da na saba tararwa a irin gidanka. Layin soket yawanci ana jansa da waya mai kaurin milimita murabba'i 2.5, wadda a cikin fayif a bango take ɗaukar kimanin amfiya 20 zuwa 24, kuma wannan adadin yana raguwa a lokacin bazara idan zafi ya haura digiri 40. A ce uwargida ta kunna rishon lantarki mai wat 2000, an jona butar dafa ruwa mai wat 1500, yaro yana guga da dutse mai wat 1200, firji kuma yana cin wat 200. Jimilla wat 4900 ke nan. Idan ka raba da bolt 230, za ka samu kimanin amfiya 21. Wayar fiyus mai amfiya 15 ba za ta tsinke nan take a wannan adadi ba, amma za ta riƙa yin zafi tana cinyewa har wata rana ta rabu, kuma wannan ne yawan ƙonewar da kake gani. Yanzu da aka ɗaura waya mai kauri, sai kowa ya saki jiki, a ƙara na'urar sanyaya ɗaki mai jan amfiya 5 ko 6 a kan layin, a kai 26 ko 27. Zafin da waya ke yi kuwa ba ya hawa daidai da wutar da ke bi ta cikinta: idan wutar ta ninka sau biyu, zafin ninkawa yake sau huɗu. Ka haɗa da cewa kasuwa cike take da wayar da aka rubuta mata 2.5 alhali ba ta kai ba, za ka gane dalilin ɗumin bangonka.

Na taɓa shiga wani gida bayan silin ɗin ɗaki ɗaya ya kama. Da na zare marfin fiyus ɗin, sai na tarar da ƙusa 'yar inci biyu an lanƙwasa ta tsakanin ƙafafun biyu, tana nan lafiyarta ƙalau, ko baƙi ba ta yi ba. Wayar da ke cikin silin kuwa rigarta ta zama gawayi, da na taɓa ta sai ta marmashe a yatsuna. Maigidan ya ce mini shekara biyu ke nan wutarsa ba ta ba shi matsala ba, kuma yana yaba wa wanda ya yi masa aikin. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Wanda ya yi aikin banza shi ake kira gwani, wanda ya ce a rage kaya ko a ja sabon layi a ce yana neman kuɗi ne. Na ga takardar kwalin sigari a cikin filogi, na ga wayar ɗaure rodi a katawut, wato babban fiyus ɗin da ke gaban mita. Kuma kada ka ɗauka sauyawa zuwa bireka yana kashe wannan ɗabi'a, domin mai gyaran da ya ɗaura waya mai kauri shi ne gobe zai cire bireka mai amfiya 16 ya sa mai 32 ko 63 a kan wannan siririyar wayar, ya ce ta farkon “ba ta da ƙarfi”. Bireka mai 63 a kan wayar 2.5 da waccan ƙusa duk abu guda ne.

To, a kan zaɓin kansa. A akwatin rarraba wuta na cikin gida, bireka ta fi, ba na shakka a kan haka. Fiyus ɗin da ake ɗaura wa waya yana iya buƙatar kusan ninki biyu na adadinsa kafin ya tsinke, alhali an ƙera bireka ne ta faɗi cikin awa guda idan wutar ta kai ninki 1.45 na adadinta, wato kimanin amfiya 23 ga mai 16, kuma idan wayoyi biyu suka haɗu kai tsaye tana faɗuwa cikin ƙiftawar ido. Bayan haka, idan ta faɗi, ɗaga ta kawai ake yi. Babu wanda zai tsaya cikin duhu yana laluben waya, ya ɗauki duk wadda hannunsa ya kai kanta. Abin da aka saba shi ne amfiya 6 ko 10 ga layin fitilu mai wayar 1.5, amfiya 16 ko 20 ga layin soket mai wayar 2.5, sannan rishon lantarki da hitar wanka da na'urar sanyaya ɗaki kowanne a ja masa layinsa da waya mai kaurin 4 ko 6 gwargwadon cinsa. Za ka ga harafi kafin adadin, kamar B16 ko C20. Mai B ta fi saurin faɗuwa kuma ta dace da fitilu da soket, mai C kuma tana jure fizgar da inji ke yi lokacin tashi, shi ya sa ake sa ta ga famfon ruwa da na'urar sanyaya ɗaki.

Sai dai fiyus yana da wuraren da har yanzu shi ne daidai, kuma ina nufin fiyus na kwalba da aka rufe a masana'anta, mai yashi a ciki. Na farko shi ne katawut da ke gaban mita, mai amfiya 60 ko 100. Wutar da za ta kwararo daga taransifoma idan aka samu haɗuwar waya a wurin tana iya fin ƙarfin ƙaramar birekar gida, wadda yawanci iyakar wutar da take iya yankewa lafiya amfiya 6000 ce, shi kuwa fiyus na kwalba yana yanke abin da ya ninka haka sau da yawa ba tare da ya fashe ba. Wannan na kamfanin rarraba wuta ne, ba wurin da maigida zai sa hannu ba. Na biyu shi ne ɗan ƙaramin fiyus da ke cikin filogi mai ƙafa uku, wanda ke kare igiyar na'urar kanta. Birekar 20 da ke akwati ba ta san da siririyar igiyar fitilar gefen gado ba, saboda haka fitila da rediyo a sa musu mai amfiya 3, buta da dutsen guga mai 13. Na uku shi ne tsakanin batir da inbata ga masu sola. Wutar batir ba ta juyawa kamar ta NEPA, idan ta yi tartsatsi ba ta saurin mutuwa, kuma birekar gida ta yau da kullum tana iya ƙonewa a wurin maimakon ta yanke. A nan fiyus ake so, ko bireka da aka ƙera musamman domin wutar batir, a dasa shi kusa da kan batir ɗin.

Ka ambaci yara, don haka dole in faɗa maka abin da fiyus da bireka duka ba sa yi. Ba sa hana wuta jan mutum. Wutar da ke iya kashe mutum ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba, ka ga kuwa bireka mai 16 ba za ta ko motsa ba idan yaro ya tura cokali a soket. Mai wannan aikin wata na'ura ce daban, wadda ke auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, ta yanke idan ta ga yoyo. Za ka ga an rubuta RCCB ko RCD a jikinta, ka tabbata mai 30mA ce, kuma tana da ɗan maɓallin gwaji da ake dannawa duk bayan 'yan watanni a ga ta faɗi. Haka kuma babu ɗayansu da ke kare talabijin ɗinka idan aka kawo wuta da ƙarfi fiye da kima, wannan aikin sitabilaiza ne da makamantanta.

Idan ƙwararren ya zo, kada ka bari ya fara da sayen akwati. Ya kashe wutar NEPA da ta janareto, ya buɗe soket ɗin kicin da waɗanda ke layi ɗaya da shi, ya duba ko rigar wayar ta taurare ko ta sauya launi, ko kuma sukurun da ke riƙe da ita ya sassauta, domin sassautaccen sukuru kaɗai yana iya kawo wannan ƙaurin, kuma babu birekar da za ta gane shi. Ya gwada rigar wayoyin da na'urar awo, ya tabbatar akwai wayar ƙasa da ke aiki. Duk wayar da ta ƙone a zare ta a sa sabuwa, ba a naɗe ta da salatif ba. Rishon ya samu layinsa na kansa. Bayan wannan ne za a sauke tsohon akwatin tangaran a ɗora na bireka, a sayo su daga dillalin da aka sani saboda jabu sun yi yawa, kuma a rubuta a ƙarƙashin kowace bireka ɗakin da take riƙe da shi da kaurin wayar da ke bayanta.