Amsa ga ƙanina: mako biyu sun wuce, ba su kira ba

Ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce ka yi intabiyu na ƙarshe, suka ce ka saurare su ranar Juma'a 3 ga wata, yau ga shi 17 ba ko tari. Kana tambaya yaya mu da muka daɗe a waje muke yi, kuma ko rubuta musu ba zai zama rashin kunya ba.

Ni ma da wannan tunanin na zo. A shekarata ta farko a nan na yi intabiyu uku da wani kamfani, suka yanka mini rana, ranar ta zo ta wuce. Na zauna ina ganin haƙuri shi ne ladabi, ina tsoron kada a ce na cika zumuɗi. Sai da wata dattijuwa cikin mutanenmu, wadda ta yi shekaru tana aikin ɗaukar ma'aikata, ta zaunar da ni ta ce su ne suka sa ranar da bakinsu, don haka tuna musu ba roƙo ba ne. Daga nan na gane abin da tsofaffin zuwa suke koya wa sababbi: ana rubutawa, amma abin da ake tambaya shi ne sabuwar rana. Ba a tambayar ko an ɗauke ka.

Dalilin haka yana cikin abin da ke faruwa a ofishinsu. Idan aka kai matakin ƙarshe, yawanci mutum biyu ko uku suka rage. In sun zaɓi wani, ba sa sallamar sauran nan take. Sukan miƙa masa tayi, su ba shi kamar mako guda ya yi shawara, wani lokaci ya tsaya cinikin albashi, sannan a tuntuɓi waɗanda ya bayar a matsayin masu shaidarsa. Duk tsawon wannan lokaci ana riƙe da na biyu shiru, domin in na farko ya fasa, shi za a kira. Ko kuma kai ne aka zaɓa, amma takardar tana jiran sa hannun mai kula da kuɗi, ko manajan ya tafi hutu, ko an dakatar da ɗaukar ma'aikata har a sake duba kasafi. A duk waɗannan, jami'ar ɗaukar ma'aikata da ke magana da kai ba ta da ikon ce maka e ko a'a. In ka tambaye ta sakamako, ka tambayi abin da ba za ta iya faɗa ba, sai ta yi shiru. Rana kuwa tana iya ba ka.

Kafin ka rubuta, duba akwatin Spam na imel ɗinka, ka duba shafin da ka cike neman aikin ko matsayinka ya sauya. Abin da na fi ba muhimmanci shi ne ka tambayi masu shaidarka ko an tuntuɓe su. Kamfani ba ya cika ɓata lokacinsa a kan masu shaidar wanda ba ya so. In an kira su, ka kwantar da hankalinka, kana gaba. In ba a kira ba, wannan bai yanke komai ba, don wasu sai bayan tayi suke kira.

Sai ka nemo imel na ƙarshe da jami'ar ta aiko maka, ka danna Reply a kansa. Kada ka buɗe sabon saƙo. Tana iya riƙe da guraben aiki da dama a lokaci guda, kuma in ta ga tsohuwar maganarku a ƙasa ba sai ta tsaya tunanin ko wane ne kai ba. Tunda yau Juma'a ce, bari sai Litinin 20 ga wata ko Talata da safe. Ga ma'anar abin da za ka rubuta, ka mayar da shi harshen da kuke magana da su:

"Barka da safiya. Na gode da ganawar da muka yi kan gurbin akawu. Kun ambata cewa za a yanke shawara ranar 3 ga wata, shi ya sa nake tuntuɓa. Har yanzu ina son aikin, kuma a shirye nake in aiko da duk wani bayani da kuke buƙata. Ko akwai sabuwar ranar da zan sa ran ji daga gare ku?"

Shi ke nan. Na san hannunka zai yi ƙaiƙayin ƙara ban haƙuri da bayanin halin da kake ciki. Kada ka saka. Saƙon da ya cika da "a taimaka mini" yana rage maka daraja a idon wanda gobe za ku zauna cinikin albashi da shi. Wanda kuma ya ɗauki sautin ƙorafi, ko da da gaskiyarka, yana sa a fara tunanin yadda zama da kai zai kasance.

Maganar da ka kawo ta neman wani babba ya sa baki, a nan muna gudunta a wannan mataki. In akwai ma'aikacinsu da ya gabatar da kai tun farko, ba laifi ka tambaye shi ko ya ji an dakatar da gurbin. Amma wanda ba ya cikin lamarin ya kira manaja a madadinka, sau da yawa ɓata maka yake yi, domin sai a ɗauka kana son tsallake tsarin da aka bi da kowa.

Bayan ka aika, ka ba su kwana biyar na aiki. In ka aika ranar Litinin 20, kada ka sake motsi sai Litinin 27. In har lokacin shiru, ka rubuta sau ɗaya ga manajan da ya yi maka tambayoyi, layi biyu ko uku, ka ambaci cewa ka tuntuɓi jami'ar. Daga nan ka tsaya. Saƙo na uku da na huɗu ba su taɓa fito mini da amsar da saƙo na biyu ya kasa fitarwa ba.

Idan amsa ta zo, ka lura da abin da ke cikinta. In an ba ka takamaimiyar rana, ko aka tambaye ka yaushe za ka iya fara aiki da albashin da kake sa rai, magana ta yi nisa. In aka ce "muna kan dubawa" ba tare da rana ba, ni a ganina kai ne na biyu, ko kuma gurbin ya maƙale. Haka ya faru da ni a wancan kamfani. Na rubuta, aka ce ana kan dubawa, bayan kwana tara aka kira ni da tayi. Sai da na fara aiki na ji cewa wanda aka fara zaɓa ne ya janye.

Abu ɗaya ne ke sauya wannan lissafi: in wani wuri ya ba ka tayi a rubuce da wa'adi. Nan ba ka jiran kwana biyar. Ka rubuta a ranar, ka ce kana da tayin da za ka amsa kafin ranar kaza, amma aikinsu ka fi so, ko za su iya yanke shawara kafin nan. Wannan yakan tayar da takardar da ta kwanta a tebur. Sai dai don Allah kada ka ƙirƙiri tayin da babu shi. Suna iya ce maka "to, ka karɓi wancan," ka rasa abin faɗa.

Kuma tunda ka ce kana kan wani aikin yanzu, kada ka ajiye shi saboda an kira ka a waya an ce an zaɓe ka. Sai takardar tayi ta shigo hannunka da albashi da ranar farawa a rubuce, ka sa hannu. Sauran wuraren da ka nema ma ka ci gaba da bibiyarsu a wannan makon. In ka rubuta saƙon, turo mini in gani kafin ka aika. Ka gaida mutanen gida.